Wasiƙar Edita Mai Zaman Kansa kan Bitar Alƙaluman Masu Karatu Duk Wata

Edita mai zaman kansa shi ne wanda ke gyaran rubutu wa jarida, mujalla ko ƙungiya alhali ba ya cikin jerin ma'aikatanta na dindindin. Ana miƙa masa aiki, ya gyara, a biya shi. A zamanin da komai ke kan takarda, aikinsa yakan ƙare ne da zarar rubutu ya tafi maɗaba'a, domin babu hanyar da zai san ko mai karatu ya kai ƙarshen labari ko a sakin layi na biyu ya ajiye. Da wallafa ta koma intanet sai wannan ƙofa ta buɗe. Kowane labari yana barin sawu: mutum nawa suka buɗe shi, daga ina suka zo, tsawon wane lokaci suka tsaya a kansa. Daga nan ne aka samu wani sabon aiki da editoci ke nema wurin waɗanda suke yi wa gyara, wato su zauna sau ɗaya a wata su duba waɗannan alƙaluma, su faɗi abin da ya kamata a sauya a rubutu.

Ana gabatar da wannan shawara ne a cikin wasiƙa. Wasiƙar takan ƙunshi abubuwa huɗu: dalilin rubuta ta, samfurin abin da editan ya riga ya gano, tsarin aikin da yake nema tare da ladansa, da iyakar abin da alƙaluman za su iya nunawa. Samfurin shi ne ƙashin bayanta. Mai mujalla ya sha jin alkawari daga bakin masu neman aiki, amma idan aka nuna masa wani labari nasa da ya sani, aka ce ga inda yake asarar masu karatu, to gani ya kori ji.

Inda alƙaluman suke fitowa

Ƙananan kafafen wallafa sun fi dogara da kayan aiki biyu na kamfanin Google, kuma dukansu kyauta ne. Na farko shi ne Google Analytics, wanda aka fara bai wa jama'a a shekarar 2005. Yana ƙirga abin da mutum ya yi bayan ya shigo shafi. Tsarinsa na yanzu, wanda ake kira GA4, ya fito a Oktoban 2020, kuma tsohon tsarin ya daina tattara bayanai a ranar 1 ga Yulin 2023. Wannan sauyi yana da tasiri a kan wasiƙar, domin tsarin biyu ba sa ƙirga wasu abubuwa iri ɗaya, don haka ba a ɗora adadin tsohon kai tsaye a kan na sabon a ce an samu ƙari ko raguwa.

Na biyu shi ne Search Console. Shi kuma yana nuna abin da ya faru kafin mutum ya shigo: sau nawa labari ya bayyana a sakamakon binciken Google, sau nawa aka danna shi, da kalmomin da masu bincike suka rubuta. Yana riƙe bayanan wata 16 da suka wuce, abin da ke ba da damar kwatanta watan bana da takwaransa na bara.

Kafin edita ya rubuta wasiƙar, dole ya ga alƙaluman da idonsa. Hanyar da ta dace ita ce ya roƙi izinin dubawa kawai, na mako ɗaya. A Google Analytics wannan izini ana kiransa `Viewer`, a Search Console kuma `Restricted`. Mai irin wannan izini yana ganin rahoto amma ba zai iya sauya saitin komai ba. Editan da ya san aikinsa ba ya neman kalmar sirrin mai mujalla, ko da an yi masa tayinta, domin duk abin da ya lalace daga baya a kansa zai faɗa.

Buɗe wasiƙar

Domin a ga yadda abin yake a aikace, sai a ɗauki misalin wata mujallar noma da ke fita da Hausa a intanet daga Kano, wadda wata Hajiya ke da ita, da editan da ya shekara yana gyara mata rubutu. Mujallar da dukan adadin da za su biyo baya an tsara su ne don koyarwa. Bayan kwanan wata da adireshi, wasiƙar za ta iya farawa kamar haka:

“Assalamu alaikum, Hajiya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina godiya da izinin da kika ba ni na duba alƙaluman mujalla na watan Nuwamba. Na ga abubuwa uku da nake jin gyaran rubutu zai magance su, na kuma jera su a ƙasa. Idan kin ga suna da amfani, ina neman ki amince in riƙa yin irin wannan bita a farkon kowane wata, na tsawon wata uku tukuna, sannan mu duba ko ya cancanci a ci gaba.”

Sakin layi ɗaya ke nan, amma ya faɗi abin da ake nema da tsawon lokacinsa. Mai mujalla mutum ne mai hidima da yawa, kuma a waya zai karanta wasiƙar, wataƙila tsakanin taro da taro. Idan buƙatar tana can ƙarshen shafi na biyu, yana iya rufewa bai kai gare ta ba. Editan bai ɓata lokaci wajen ba da tarihin kansa ba, tunda Hajiya ta riga ta san aikinsa.

Kowane ɗaya daga cikin abubuwan da aka gano yana da gaɓa huɗu da ke bin juna: adadin da aka gani, dalilin da ake zato, gyaran da za a yi, da abin da za a duba a wata mai zuwa don a san ko zaton ya yi daidai. Idan gaɓa ɗaya ta faɗi, sauran ba za su tsaya ba. Adadi ba tare da gyara ba labari ne kawai, gyara kuma ba tare da awo ba ra'ayi ne.

Abu na farko: kanun da ba ya jan mai bincike

Mujallar tana da wani labari kan adana wake a buhun PICS, wato buhun nan mai ruɓi uku da ke hana iska shiga, har ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. A rahoton `Performance` na Search Console, editan ya ga cewa a watan Nuwamba labarin ya bayyana sau 12,000 a sakamakon bincike, amma sau 180 kacal aka danna shi. Idan aka raba 180 da 12,000 za a samu kashi 1.5 cikin ɗari, kuma wannan ne allon ke kira `CTR`. Matsayin labarin a jerin sakamako yana wajen na huɗu, wanda ba shi da laifi.

Adadin shi kaɗai bai isa a yanke hukunci ba, sai an samu abin kwatance. Editan ya nemo wasu labarai biyar na mujallar da su ma ke zama a wajen matsayi na huɗu, ya ga ana danna su tsakanin kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari. Ashe ke nan mutane suna ganin labarin waken, suna tsallake shi. Ruwa ba ya tsami banza. Da ya buɗe sashen `Queries` sai ya ga abin da manoma ke rubutawa: yadda ake adana wake, maganin ƙwarin wake, buhun adana wake. Kanun labarin kuwa shi ne “Taskar Manomi: Darasi na Bakwai”. Babu wake a ciki, babu ƙwari, babu buhu. Kanu ne da ya dace da mujallar takarda, inda mai karatu ke bin darussa bi da bi, amma wanda ya zo daga bincike bai san da darasi na shida ba.

A wasiƙar, editan zai rubuta: “Ina ba da shawarar a mayar da kanun ya zama ‘Yadda Ake Adana Wake a Buhun PICS Ba Tare da Magani Ba’, a bar adireshin labarin yadda yake. Idan ya kai kashi 4 cikin ɗari kamar 'yan'uwansa, daga bayyana 12,000 za a samu dannawa 480 a maimakon 180. Wannan lissafi ne, ban ɗauke shi alkawari ba.”

Akwai hikima a barin adireshin. Idan aka sauya shi, duk waɗanda suka riga suka tura tsohon ga abokansu za su tarar da shafi babu komai, sai fa in an yi saitin da zai karkatar da su zuwa sabon. Akwai kuma hikima a zaɓen abin da za a auna. Ana girbin wake a arewacin Najeriya wajen Oktoba da Nuwamba, saboda haka masu neman bayanin adana shi za su iya raguwa a Disamba ko da kanun ya yi kyau. Don haka editan zai faɗa tun yanzu cewa kason dannawa ne ma'auni, domin yawan dannawa yana bin kaka. Zai kuma rubuta ranar da aka sauya kanun, ya sake bincika labarin bayan 'yan kwanaki ya ga abin da ke fitowa, tunda Google wani lokaci yakan nuna wani kanu dabam da wanda marubuci ya sa.

Rubutun Hausa yana da wani tarko a wannan wuri. Da yawa daga masu bincike ba su da haruffa masu lanƙwasa a wayarsu, sai su rubuta kwari a maimakon ƙwari. Editan da ya tace rahoto da rubutun ƙa'ida kaɗai zai rasa kaso mai yawa na masu nema. Search Console yana da matacin `Custom (regex)`, inda za a iya haɗa rubutun biyu a tashi ɗaya:

```
(ƙ|k)wari
```

Sai dai a karanta jerin da ya fito da ido, domin kwari kuma kalma ce mai zaman kanta, mai nufin wuri mai gangare tsakanin tuddai.

Abu na biyu: amsar da aka binne a ƙasa

Labari na biyu ya shafi takin albasa a noman rani, kuma kalmominsa sun kai 2,000. A rahoton `Pages and screens` na Google Analytics an buɗe shi sau 3,000, adadin da zai faranta wa kowane mai mujalla rai. Amma `Average engagement time`, wato matsakaicin lokacin da shafin ya kasance a gaban idon mai karatu, daƙiƙa 40 ne. Editan ya ɗauki agogo ya karanta labarin da kansa a waya, ya ɗauke shi minti tara. Sannan ya duba alamar `scroll`, wadda Google Analytics ke rubutawa idan mutum ya gangara zuwa kashi 90 cikin ɗari na tsawon shafi. An rubuta ta sau 240, wato kashi 8 cikin ɗari na buɗewar.

A nan ne ilimin edita ke shigowa, domin allo ba zai faɗi dalili ba. Da ya sake karanta labarin sai ya lura cewa sakin layi goma na farko tarihin noman albasa ne da jawabin wani taro. Abin da manomi ya zo nema, wato wane taki, nawa a kadada, a wane mako bayan dashe, yana sakin layi na sha ɗaya. Mutumin da ke tsaye a bakin fadama da ragowar data kaɗan ba zai jira ba.

Kafin ya ɗora laifi a kan tsarin rubutu, editan kirki yakan gwada wani zato. Wataƙila shafin ne ke da nauyi, hotuna manya suka hana shi buɗewa da wuri. Hanyar ganewa ita ce a duba wasu dogayen labarai masu yawan hoto irin nasa. Idan su ma ana barinsu cikin daƙiƙa 40, matsalar ta masu kula da shafi ce, kuma editan zai faɗi haka ya miƙa musu. Idan kuwa ana daɗewa a kansu, to zargi ya koma kan rubutun. A wannan misali sauran labaran suna samun minti biyu zuwa uku, don haka shawarar ita ce a ɗauko jadawalin takin a kawo shi sakin layi na biyu, a sa ƙananan kanu, a rage jawabin taron zuwa jimla uku. Abin da za a duba a wata mai zuwa shi ne lokacin tsayawa da kason masu kai wa ƙasa.

Ya kamata wasiƙar ta ƙara da cewa gajeren lokaci ba kullum yake nufin gazawa ba. Shafin farashin hatsi a kasuwar Dawanau, alal misali, idan mutum ya buɗe ya ga kuɗin buhun masara cikin daƙiƙa 15 ya fita, shafin ya yi aikinsa. Ana auna lokaci ne da tsawon rubutu da kuma buƙatar da ta kawo mai karatu.

Abu na uku: masu karatun da ba a san hanyarsu ba

Rahoton `Traffic acquisition` yana kasa masu shigowa gwargwadon hanyar da suka biyo. A watan Nuwamba mujallar ta samu ziyara 20,000, kuma 11,000 daga ciki, wato kashi 55 cikin ɗari, suna ƙarƙashin `Direct`. A zahiri wannan suna yana nufin waɗanda suka rubuta adireshi da hannunsu ko suka adana shi a waya. A aikace kuwa, duk ziyarar da Google Analytics ya kasa gane asalinta nan yake zuba ta.

Editan ya duba inda waɗannan mutane suka fara sauka, ya ga takwas cikin goma sun faɗa kai tsaye kan wani labari mai dogon adireshi. Ba wanda ke zama ya rubuta adireshi mai haruffa tamanin. Turo musu aka yi, kuma Hajiya da kanta tana tura kowane sabon labari zuwa zaurukan manoma a WhatsApp. Manhajojin tura saƙo sau da yawa ba sa sanar da shafi inda mutum ya fito. Ɗan jarida Alexis Madrigal ya ja hankalin masu wallafa kan wannan giɓi tun 2012, a wani rubutu da ya yi a mujallar The Atlantic.

Maganin yana da sauƙi. Ana liƙa wata 'yar alama a ƙarshen adireshin kafin a tura shi:

```
?utm_source=whatsapp&utm_medium=social&utm_campaign=nuwamba
```

Duk wanda ya danna adireshi mai wannan jela, rahoto zai nuna daga WhatsApp ya zo. Dole a tsaya kan rubutu iri ɗaya, domin `whatsapp` da `WhatsApp` za su fito a layi biyu dabam. Alamar kuma tana bin adireshin duk inda ya je: idan wani ya kwafe shi ya liƙa a Facebook, za a ci gaba da ƙirga shi a matsayin na WhatsApp. Wanda kuma ya kwafi adireshin daga shafin da kansa ya tura, nasa zai ci gaba da faɗawa `Direct`. Duk da haka, bayan wata ɗaya Hajiya za ta san ko zaurukan da take ɓata lokaci a kansu su ne babbar ƙofar mujallarta. Idan su ne, wannan ma aikin edita ne, domin jimla biyun da ke raka adireshi a cikin saƙo suna buƙatar gyara kamar kowane kanu.

Tsarin aikin da ladansa

Bayan samfurin sai bayanin abin da za a riƙa yi duk wata. Editan zai ɗauki alƙaluma a ranar 3 ga wata, saboda Google Analytics yakan ɗauki awa 24 zuwa 48 kafin bayanan rana su kammala, kuma wanda ya duba ranar 1 zai ga ƙarshen watan jiya a gutsure. Zai miƙa rahoto na shafi biyu kafin ranar 7. Rahoton zai fara da sakamakon gyaran watan da ya wuce, ko ya yi aiki ko bai yi ba, sannan ya kawo sababbin abubuwa da ba su wuce uku ba. Daga nan sai tattaunawa ta rabin awa a waya, inda za a yanke wanda zai yi kowane gyara da ranar gamawa.

Taƙaita abubuwan zuwa uku yana da dalili. Ƙaramar mujalla ba ta da hannun da zai aiwatar da shawara goma sha biyar a wata guda. Kuma idan aka sauya kanu, hoto da tsarin labari ɗaya duk a rana ɗaya, ko da adadi ya tashi ba wanda zai san wanne ne ya tashe shi.

Batun kuɗi yana son a fito fili. Editan zai faɗi awannin da aikin zai ci, misali awa shida a wata, da jimillar ladansu, da ranar biya. Zai kuma bambance tsakanin bita da gyara. Gano cewa labarin albasa yana buƙatar sabon tsari yana cikin bita. Zama a sake tsara shi aikin gyara ne, kuma ana biyansa a kan farashin da suka saba. Inda ba a rubuta wannan ba, nan ne saɓani ke fara tsirowa a wata na biyu. Haka nan zai ambaci abin da ba ya cikin aikinsa, kamar gyaran saurin shafi da sayen talla.

Wata uku na gwaji shi ne mafi ƙarancin lokacin da zai nuna wani abu. A watan farko ana gano matsala a yi gyara, a na biyu a ga alamar farko, a na uku a tabbatar ko alamar ta ɗore. Wasiƙar za ta bai wa kowane ɓangare damar janyewa a ƙarshen wa'adin, tare da cewa za a cire izinin editan a ranar da aikin ya tsaya. Akwai kuma jimla ɗaya ta amana: alƙaluman na mai mujalla ne, ba za a nuna wa kowa ba. Idan aikin zai taɓa jerin sunaye ko adireshin imel na masu karatu, to ya shiga hurumin dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, kuma abin da ya fi shi ne editan ya karɓi jimillar adadi kawai, ya bar jerin a hannun mai shi.

Inda alƙaluma ke yaudara

Sashe na ƙarshe a wasiƙar gajere ne, amma shi ke nuna ko editan ya fahimci abin da yake dubawa. Tarko na farko shi ne ƙaramin adadi. Labarin da ya tashi daga buɗewa 40 zuwa 60 ya ƙaru da kashi 50 cikin ɗari, amma buɗewa 20 ce kawai, kuma mutum ɗaya da ya tura shi wani zaure ya isa ya kawo su. Shi ya sa ake rubuta ainihin adadi a gefen kowane kaso.

Na biyu shi ne kalanda. Maris ya fi Fabrairu da kwana uku a mafi yawan shekaru, wanda ya haura kashi 10 cikin ɗari, don haka ana kwatanta matsakaicin rana ɗaya ko kwana 28 da kwana 28. Azumi kuma yana sauya lokutan karatun mutane, kuma yana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara. A 2024 ya fara ne ranar 11 ga Maris, a 2025 kuma ranar 1 ga Maris. Wanda ya kwatanta Afrilun shekarun biyu bai tuna cewa na farko yana ɗauke da kwanakin ƙarshe na azumi da Ƙaramar Salla ba, zai ga bambancin da bai shafi rubutu ba.

Na uku shi ne tsammanin kayan aikin biyu su ba da adadi ɗaya. Ba za su bayar ba. Search Console yana ƙirga dannawa a shafin Google, kuma yana yanke rana ne da agogon yammacin Amurka. Google Analytics yana ƙirga wanda shafi ya buɗe masa har na'urar ƙirga ta tashi, don haka mutumin da sabis ya yanke masa a hanya ya shiga lissafin farko bai shiga na biyu ba. Ana kwatanta kowanne ne da kansa, wata da wata. Idan mujallar tana aika labarai ta imel, akwai tarko na huɗu: tun Satumban 2021 manhajar imel ta Apple ke iya buɗe saƙo da kanta don kare sirrin mai waya, abin da ke kumbura adadin waɗanda ake zaton sun buɗe. Adadin waɗanda suka danna adireshi a cikin saƙon ya fi zama abin dogaro.

Akwai kuma iyakar da ta fi waɗannan girma. Alƙaluma suna nuna abin da mutane suka danna, ba sa nuna abin da ya amfane su. Labari kan wata cutar shanu zai iya samun masu karatu 300 kacal, amma idan makiyayan da cutar ta shiga garkensu ne, ya biya kuɗin rubuta shi. Editan zai rubuta a fili cewa bitar ba za ta zama dalilin daina irin wannan labari ba, kuma ba zai ba da shawarar kanun da ke alkawarin abin da babu shi a cikin rubutu ba, ko da zai ninka dannawa.

Rufe wasiƙar

Wasiƙar tana ƙarewa da buƙata guda mai sauƙin amsawa: “Idan kin amince, Hajiya, ki ba ni izinin sauya kanun labarin waken a wannan mako, ki kuma bar mini izinin dubawa zuwa ƙarshen Fabrairu. Rahoton farko zai iso gare ki ranar 7 ga Janairu, in Allah ya yarda. Na gode, a huta lafiya.” Sai suna da sa hannu.

Mai mujallar da ya karɓi irin wannan wasiƙa yana da hanyar tantance ta. Ya duba ko kowane adadi yana ɗauke da watansa da sunan rahoton da aka ciro shi, yadda zai iya buɗewa ya gani da kansa. Ya duba ko kowace shawara ta ambaci labari takamaimai da gyara takamaimai. Ya kuma duba ko editan ya faɗi tun farko abin da zai nuna cewa zatonsa kuskure ne. Wasiƙar da ta cika waɗannan sharuɗɗa uku ta cancanci gwajin wata uku, wadda kuma ta yi alkawarin ninka masu karatu ba tare da su ba, a mayar wa mai ita ya sake rubutawa.